Takardar Ruwan Sha da Hausar da Uwargida Za Ta Iya Aiki da Ita

"Wajibi ne a tabbatar da adana ruwan da aka sarrafa a cikin mazubi mai inganci domin kauce wa sake gurɓacewarsa."

Irin wannan jimla ce ake yawan gani a takardun faɗakarwa da ake rabawa a asibitoci da bakin rijiyoyi idan damina ta kankama. Babu kuskuren nahawu a cikinta, malamin Hausa ma zai ba ta maki. Amma ka karanta ta ga matar da ba ta wuce aji uku na firamare ba, ko wadda iyakar karatunta na allo ne, sannan ka tambaye ta abin da za ta yi gobe da safe idan ɗan garuwa ya sauke mata ruwa. Da wuya ta iya faɗa maka, kuma laifin ba nata ba ne. "Sarrafa" a kunnenta aikin gyaɗa ne ko shinkafa. "Mazubi" ya haɗa kwano da buhu da kwando. "Inganci" na iya nufin roba mai ƙwari wadda ba ta fashewa. Kalmomin duk na Hausa ne, amma babu randa a ciki, babu jarka, babu moɗa, babu hannun yaro. Wato babu ko ɗaya daga cikin abubuwan da take taɓawa idan ta je shan ruwa.

Abin da ya sa ake buga irin wannan takarda tun farko shi ne, ruwa yakan fito da kyau daga famfo ko rijiyar burtsatse, sannan ya lalace a hanya ko a cikin gida. Jarkar da aka ɗebo shi ba a wanke ta ba, ko randar ba ta da murfi, ko wani ya fito daga bayan gida bai wanke hannu da sabulu ba ya tsoma moɗa har da yatsunsa. Ƙwayoyin cutar kwalara da taifot da na gudawar yara daga kashin mutum suke fitowa, kuma ta irin wannan hanya suke komawa cikin wani. A shekarar 2021 Hukumar Daƙile Cututtuka Masu Yaɗuwa ta Najeriya ta lissafa mutum sama da 100,000 da ake zaton sun kamu da kwalara, fiye da 3,500 suka rasu, kuma jihohin Bauci da Jigawa da Kano da Zamfara na cikin waɗanda abin ya fi shafa. Galibin takardun da ake rabawa a irin wannan lokaci da Turanci ake fara rubuta su, a Nijar kuwa da Faransanci, sai a miƙa wa mai fassara a ce ana so gobe.

Bari mu ɗauki takarda guda irin wadda aka saba gani, mai shafi ɗaya, mu bi ta. Asalinta na cewa a zuba ƙwayar kulorin ɗaya a lita 20 na ruwa, a jira minti 30, a ajiye ruwan a abu mai ƙaramin baki da murfi, in da hali mai famfo, kada a tsoma hannu ko kofi, a riƙa wanke abin ajiyar duk mako. Magana ce da ba ta fi layi shida ba, amma kusan kowane layi da ramin da mai fassara zai iya faɗawa.

Kafin ya rubuta komai, sai ya san da wa yake magana. A yawancin gidajenmu mace ce ke kula da randa, yara ne ke ɗebo ruwa ko su tsoma moɗa, maigida ne ke ba da kuɗin garuwa da na ƙwayar. Sau da yawa kuma wanda zai riƙe takardar ba shi ne zai yi aikin ba: yaro ɗan makaranta ne zai karanta wa mahaifiyarsa, ko ma'aikaciyar lafiya ta karanta wa matan gida a tsakar gida. Saboda haka takardar ta kunne ce kafin ta zama ta ido. Duk jimlar da yaro ɗan aji huɗu ba zai iya karantawa da numfashi ɗaya ba, ta yi tsawo. A ganina "ku" ya fi dacewa da "ki" ko "ka", domin ya haɗa kowa a gidan, kuma yaro zai iya furta shi a gaban uwarsa ba tare da ya zama kamar yana ba ta umarni ba. "A yi kaza" yana da ladabi, sai dai ba ya nuna wanda zai yi, kuma aikin da ba a ɗora wa kowa ba yakan kwana ba a yi shi ba.

Ruwa mai tsarki, ruwa mai tsabta

Kanun takardar yana maganar ruwan da ba zai cutar da mai shan sa ba. A nan ne masu fassara da yawa ke rubuta "tsarkakakken ruwa", suna ganin kalmar ta fi nauyi da kwarjini. Nauyin nata ne matsalar. Duk wanda ya yi karatun Ahalari ko Ishmawi ko Risala a zaure ya san ma'aunin ruwan da ake tsarki da shi: a duba ko launinsa ko ɗanɗanonsa ko ƙamshinsa ya canza. Wannan ma'auni ne na ibada, kuma daidai yake a muhallinsa. Amma ruwa na iya cika waɗannan sharuɗɗa uku, ya yi garau a cikin kwano, ya halatta a yi alwala da shi, alhali yana ɗauke da kwalara. Idan takarda ta ce "ku sha ruwa mai tsarki", dattijon da ya leƙa randarsa ya ga ruwan bai canza ba zai ce ai ya riga ya cika umarnin.

"Ruwa mai tsabta" ya fi kusa, amma shi ma ido ne alƙalinsa. A Hausar yau da kullum abu mai tsabta shi ne wanda ba a ga datti a jikinsa ba. Saboda haka babu kalma guda da za ta ɗauki wannan kaya, sai dai a ƙara jimlar da babu ita a asalin takardar, domin wanda ya rubuta Turancin ya ɗauka kowa ya san da zaman ƙwayoyin cuta. Mai fassara zai rubuta: "Ruwa zai iya yin garau amma da cuta a ciki. Ido ba ya ganin ta." Wannan ƙari ne, kuma dole ya sanar da jami'in lafiyar da ya ba shi aikin cewa ya yi shi. Amma in babu shi, duk sauran layukan ba su da madogara, domin mutum ba zai kashe kuɗi yana gyara ruwan da yake gani ba abin da ya same shi ba.

Ƙwaya ɗaya, jarka ɗaya

Layi na biyu shi ne mafi haɗari, domin a nan ne kuskuren fassara zai iya kai mutum asibiti. Fassarar da ta fara zuwa bakin alƙalami ita ce: "A saka ƙwaya ɗaya ta maganin ruwa domin kashe ƙwayoyin." Duba yadda Hausa ta haɗa abubuwa a nan. Ƙwaya ita ce abin da za a saka, ƙwaya kuma ita ce abin da za a kashe. Sannan "maganin ruwa" a bakin duk uwar da ta taɓa zuwa kemis shi ne maganin kwalba da ake ba yaro da cokali. Wanda ya ji "ƙwaya" da "magani" a lokacin da amai da gudawa ke kwasar mutane a unguwa, ba abin mamaki ba ne ya ɗauka abin haɗiya ne, ya ba mara lafiya. Ƙwayar kulorin kuwa, irin su Akwatab da ake rabawa a Najeriya da Nijar, ba a haɗiye ta.

Maganin abin shi ne a raba sunayen tun daga farko, a kuma tsaya a kansu har ƙarshen takarda. Abin da ke cikin ruwa a kira shi "cuta" kawai. Abin da za a saka a kira shi "ƙwayar gyara ruwa", a guji kalmar magani gaba ɗaya. A makaranta an koya mana cewa maimaita kalma rauni ne, marubuci ya riƙa sauya ta da 'yar'uwarta. A takardar lafiya akasin haka ne. Idan ka ce jarka a layi na biyu, ka ce mazubi a na uku, ka ce roba a na huɗu, mai sauraro zai ɗauka abubuwa uku ne. Sannan a ware layi guda da manyan haruffa: "Ba a haɗiye wannan ƙwaya. Ta ruwa ce kawai. Ku ɓoye ta inda yara ba za su kai ba."

Sai maganar lita 20. Mace ba ta auna ruwa da lita, da jarka take aunawa, ko bokiti, ko garwa. Don haka mai fassara zai so ya rubuta "ƙwaya ɗaya a jarka ɗaya", kuma jimlar tana da daɗin riƙewa. Sai dai jarka ba ɗaya ba ce. Rawayar jarkar man girki da 'yan garuwa ke jerawa a kura akwai mai lita 20, akwai mai lita 25, ga kuma ƙananan masu lita 10 da galan mai lita 4 ko 5 da ake ba yara. Ƙwayar ma ba ɗaya ba ce. Mai miligiram 67 ita ce aka saba ba gidaje domin lita 20 na ruwa mai haske, amma akwai ƙanana da ita, akwai kuma manya da aka yi domin tanki. Idan aka jefa ƙwayar lita 20 a galan, ruwan zai yi warin kulorin har ba ya shayuwa, kuma gidan da aka yi haka sau ɗaya da wuya su sake yarda da ƙwayar. Idan aka jefa ta a duro kuwa, ƙarfinta ba zai kai ba, mutanen gida su sha ruwa mai cuta da kwanciyar hankali. Wannan na biyun ya fi muni, domin babu wari ko ɗanɗanon da zai faɗakar da su.

A nan mai fassara ba shi da ikon yanke hukunci. Ba zai mayar da 20 ta zama 25 don jarkar garinsu ta fi girma ba, ba zai kuma share lambar don tana da wuya ba. Abin da zai yi shi ne ya koma wa jami'in lafiya da tambayoyi biyu: wace ƙwaya za ku raba, wace jarka ce kuma a hannun mutanen da za ku ba? Idan amsar ita ce ƙwaya mai miligiram 67 da jarka mai lita 20, sai layin ya zama: "Ku cika babbar jarka mai lita 20. Ku saka ƙwaya 1. Ku rufe, ku girgiza." A gefensa a sa hoton jarkar da yaro tsaye kusa da ita don a ga girmanta, da hoton fakitin ƙwayar da ainihin launinsa. Idan jarkokin garin masu lita 25 ne, jami'in ne zai faɗi abin da za a yi, ko a canza ƙwayar, ko ma'aikatan sa-kai su bi gida gida su auna lita 20 su ja layi a jikin jarka. Ga wanda yake son ya auna da kansa, ledar fiya wata rabin lita ce, wato leda 40 ke cika lita 20, ko a ce jaka biyu. Wannan kwatance ne da ɗan birni zai gane nan take, amma a ƙauyen da ba a sayen ruwan leda ba zai yi amfani ba. A Maraɗi da Damagaram kuwa jarkar ma bido ake ce mata, kuma takardar da aka buga a Kano ba za ta tsallaka iyaka ba sai an sake duba irin waɗannan sunaye.

Minti 30 ya fi sauƙi. "Rabin awa" kowa ya san shi, kuma waya ta sa agogo ya shiga yawancin gidaje. Abin lura kawai shi ne a bayyana cewa wannan mafi ƙarancin jira ne. In an wuce babu laifi, in ba a kai ba ne ake da matsala, domin kulorin yana bukatar lokaci kafin ya gama aikinsa. Sai a rubuta: "Kada kowa ya sha sai bayan rabin awa. In ya fi haka ba komai." Ma'aikaciyar lafiya na iya ƙarawa da baki cewa wadda ta saka da daddare, da asuba ruwanta ya yi.

Akwai sharaɗin da asalin takardar ya ɓoye a cikin kalma ɗaya, wato ruwan ya zama mai haske. Ruwan tafki ko na rijiya da damina ja-ja yake zuwa, kuma laka da dattin da ke ciki suna cinye ƙarfin kulorin kafin ya kai ga cutar. Shi ya sa ake cewa a bar shi ya kwanta, a tace da farin ƙyalle mai tsabta, kuma in har bai washe ba a ninka ƙwayar. Mutanenmu sun san tace ruwa. An daɗe ana saka alif ko garin ƙwallon zogale don datti ya kwanta, kuma yaƙin da aka yi da kurkunu, wanda ya kai ga Hukumar Lafiya ta Duniya ta tabbatar da kawar da shi daga Najeriya da Nijar a 2013, da matacin ƙyalle aka ci rabinsa. To amma kurkunu a jikin wasu 'yan halittun ruwa yake shiga, masu girman da ƙyalle zai tare. Ƙwayar kwalara ta fi su ƙanƙanta nesa ba kusa ba, ƙyalle ba zai tare ta duka ba. Saboda haka dole takardar ta faɗi ƙarara: "Tacewa tana cire datti. Ba ta kashe cuta. Bayan kun tace, ku saka ƙwaya ko ku tafasa." Tafasar ma a fayyace ta. Ba ɗumamawa ba ce, ba kuma lokacin da ƙananan kumfa suka fara tasowa a gindin tukunya ba ne. Sai ruwan ya yi ta juyawa yana ɓararraka na tsawon minti ɗaya cur.

Randa ba za ta bar gida ba

Yanzu mun zo inda takardar da gidan Bahaushe suka yi hannun riga. Asalin ya ce abu mai ƙaramin baki, mai murfi, mai famfo. Gidan kuwa randa ce a ciki, mai faɗin baki, an rufe ta da faifai ko murfin tasa, da moɗa a kife a kai. Ba don rashin wayewa ake riƙe da ita ba. Jikin randa yana tsatsafo, iska na busar da shi, ruwan ciki ya yi sanyi ba tare da wuta ko firji ba. Wanda ya san zafin bazara a Sakkwato ko Gashuwa ya san ba za a bar ruwan randa a koma wa ruwan jarka mai ɗumi don wata takarda ta ce a yi ba.

Mai fassarar da ya bi asalin kalma da kalma zai rubuta "ku yi amfani da mazubi mai famfo", uwargida ta duba ɗakinta ta ga babu, ta ajiye takardar. Wanda kuma ya rubuta "randa ba ta da kyau" ya yi asarar mai sauraronsa tun a layin. Abin da ya kamata a tambaya shi ne, mene ne ƙaramin bakin da famfon suke hanawa? Hannu suke hanawa ya shiga ruwa. In haka ne, sai a nemi yadda za a hana hannu shiga randa.

Ka tsaya minti goma kusa da randar gida mai yara ka gani. Yaro ya shigo daga wasa a ƙasa, ya ɗaga faifan, ya ɗauki moɗar. Ruwa ya yi ƙasa, don haka sai ya zura hannu har gwiwa. Ya kafa baki ya sha, ya mayar da ragowar cikin randa don an hana shi ɓarnar ruwa, ya ajiye moɗar a ƙasa, ya manta da faifan. Kaza ta zo ta hau bakin. Can an jima ƙanwarsa ta ɗauki moɗar daga ƙasa ta tsoma. Ruwan da aka saka wa ƙwaya da safe ya koma inda ya fito kafin la'asar, domin ɗan kulorin da ya rage a ciki yana da iyaka, kuma yana raguwa da lokaci. Kowane motsi na wannan yaro layi ne da ya kamata takardar ta amsa.

Da amincewar jami'in lafiya, layin nan guda na asali zai zama kamar haka: "Ku gyara ruwa a jarka, sannan ku juye a randar da aka wanke. Ku rufe randa da murfin da ya zauna daidai. Ku ɗebi ruwa da ludayi mai dogon hannu, ku zuba a kofi. Kada a sha da ludayin. Kada a mayar da ragowar ruwa. Ku rataye ludayin, kada ya taɓa ƙasa. Babba ya ɗebo wa yaro." Dalilin gyara ruwan a jarka shi ne an san yawan abin da take ci, randa kuwa kowace da girmanta, yadda maginiya ta ga dama. Wanda ya samu bokiti mai famfo ko zai iya tsiyayowa kai tsaye daga jarka, wannan ya fi, kuma takardar ta faɗi haka. Amma ta fara da abin da ke ɗakin.

Maganar wanki ba ta da wuya, sai dai a ambaci abin da ake gani: "Ku wanke jarka da randa da sabulu duk mako. In kun ga kore ko santsi a ciki, kada ku jira mako." Sannan akwai gargaɗin da Turanci ke dunƙulewa ya ce abin ajiyar ya zama wanda ya dace da abinci. Hausa sai ta kira sunaye: jarkar da aka taɓa zuba fetur, ko kalanzir, ko maganin feshin gona, ba a zuba mata ruwan sha ko an wanke ta, domin roba na riƙe guba.

Abin da injin buga takarda ke yi wa fassara

Ko fassara ta yi kyau, tana iya lalacewa a wurin bugu. Yawancin masu tsara shafi ba su damu da haruffa masu lanƙwasa ba, wani lokaci ma rubutun da suka zaɓa a kwamfuta ba shi da su, sai ƙ ta koma k, ɗ ta koma d, ko a ga ɗan akwati a gurbinsu. Gwanin karatu zai cike giɓin da kansa. Mai haɗa baƙi da kyar ba zai iya ba. Ɗauki "Kar a saka ƙwaya" da "Ƙara saka ƙwaya". Idan lanƙwasar ta faɗi, tazarar da ke tsakanin "kar" da "a" ta matse, dukansu sun zama "kara saka kwaya", alhali ɗaya hani ne, ɗaya umarni ne a ninka. Shi ya sa a takardar lafiya "kada" ya fi "kar", kuma mai fassara ya nace sai ya ga gwajin bugu da idonsa kafin a saki injin.

Sai kuma dubban mutanen da ba sa karanta boko amma suna karanta ajami sarai. Inda suke da yawa, buga bayan takardar da ajami ba ado ba ne. Kuma ko ba a yi ba, a tuna cewa idon da ya saba da allo daga dama yake farawa. Hotuna huɗu da aka jera daga hagu zuwa dama, wato cika jarka, saka ƙwaya, jira, sha, in an bi su ta ɗaya gefen sun zama sha kafin jira. Jera su daga sama zuwa ƙasa ya kashe wannan matsala.

Gwaji a tsakar gida

Ƙungiyoyi da yawa suna tantance fassara ta hanyar ba wani ya mayar da ita Turanci, a gwada da asali. Wannan yana kama lambar da ta canza ko layin da aka tsallake, kuma yana da amfani. Amma jimlar da muka fara da ita za ta ci wannan jarrabawa da maki cikakke. Ma'auni ne na ko Hausar ta bi Turancin, ba na ko mutum ya gane ba.

Gwajin da ke nuna gaskiya a gida ake yin sa. A sami mata kamar takwas ko goma daga irin waɗanda aka yi takardar dominsu, ba ma'aikatan ofis ko matan malaman makaranta ba, a gan su ɗaya bayan ɗaya. A ajiye jarka babba da ƙarama, da randa, da moɗa, da ludayi, da fakitin ƙwaya. A ba yaron gidan ya karanta, mai fassara ya yi shiru. Kada a ce, "Inna, kin gane?" Kunya da kara za su sa ta ce ta gane, don kada ta ba baƙo kunya ko a ga gazawarta. A ce mata, "Inna, ga kaya nan, nuna mana yadda za ki yi wa jikokinki." Daga nan sai kallo. Wace jarka ta ɗauka? Ƙwaya nawa ta ɓare? Ta rufe kafin ta girgiza? Da aka ce wani yana jin ƙishirwa yanzu, ta ba shi ko ta ce ya jira? Da ta ɗebo da ludayin, bakinta ta kai ko kofi ta nema? A kuma saurari inda yaron ya yi tuntuɓe a karatu, domin kalmar da ta tsayar da shi ita ce za ta tsayar da saƙon a kowane gida.

Idan mace ɗaya ta kuskure, wataƙila hankalinta ne ya tafi wani wuri. Idan uku suka kuskure a layi guda, layin ne ba shi da lafiya, a koma a gyara, a sake gwadawa da wasu matan daban. A nan ne kuma ake tsintar kalmomin da suka fi na mai fassara, domin matar da ta gane za ta juya ta bayyana wa kishiyarta ko maƙwabciyarta da nata bakin, kuma sau da yawa jimlar da ta faɗa ita ce ta cancanci shiga takardar. A nan ne ma za a ji abin da babu wanda ya rubuta, kamar ƙorafin warin kulorin. In ya fito, a ƙara layi: "Ɗan warin da kuka ji alama ce ƙwayar ta yi aiki. Ba ya cutarwa."

Duk wannan aikin yini biyu ne ko uku. Ina kira ga ma'aikatun lafiya na jihohi da ƙungiyoyin da ke ba da aikin fassara su sa shi a cikin kasafi da jadawali tun farko, su haɗa mai fassara da jami'in lafiyar da zai amsa tambayoyinsa, su kuma yi hakan tun da rani, kafin ruwan sama ya sauka a fara kwasar mutane zuwa asibiti. Kada a buga takardar ruwan sha ko guda sai an ga uwargida ta yi aiki da ita daidai, da jarkarta da randarta.